Cinikin Gwanjo Ta Wayar Hannu A Ƙasar Kabo Da Gwarzo

Sana'ar gwanjo ba baƙuwa ba ce a ƙasar Kano. Kowa ya san Kasuwar Ƙofar Wambai, inda ake kwance dilolin tsofaffin tufafi tun da sassafe, daga can kuma 'yan koli su kwasa su bi da su kasuwannin ƙauye. Abin da ya zama sabo shi ne yadda samari da matan aure, har da waɗansu akawuna da malaman makaranta na Kabo da Garo da Gwarzo, suka mai da wayar hannu rumfarsu. Mutum ya ɗauki hoton riga ya sa a WhatsApp ko Facebook ko Instagram, wani ya gani daga Kano ko Funtuwa ko Kaduna, ya aiko da kuɗi, a ba direba ya kai masa. Ba kuɗin rumfa, ba zaman rana. Saboda haka mutane da yawa suna tsammanin abin ba shi da wuya, sai sun shiga tukuna su ga inda gizo ke saƙar.

Bambancin da ke tsakanin wannan ciniki da na kasuwa guda ɗaya ne, amma shi ne tushen komai. Mai saye a kasuwa yakan ɗaga riga ya juya ta, ya ja ɗinkinta, ya kara ta a ƙirjinsa. In ya saya da aibi, to, idonsa ne ya cuce shi. Mai saye ta waya kuwa ba shi da hannu, ba shi da hanci, idon ma na aro gare shi, watau hoton da aka nuna masa da kalmomin da aka rubuta. Duk dubawar da ya kamata ya yi ta koma wuyan mai sayarwa. Wannan dubawa ita ce kuma take nuna wa mai sayarwan kuɗin da zai sa wa kowace riga. Ashe ke nan tantance kaya da yanka musu kuɗi da faɗin aibinsu duk aiki ɗaya ne, wanda akan yi a kan tabarma ɗaya.

Inda Kayan Ke Fitowa

Gwanjo tufafi ne da mutanen Ingila da sauran ƙasashen Turai da Amirka da Koriya da Sin suka sa suka bari. Kamfanoni suna tattara su, su ware su iri iri, su matse su da inji, su ɗaure da tamau. Abin da aka ɗaure ɗin shi ne dila. Akwai mai nauyin kilo 45, akwai mai 55, akwai babba mai kilo 100. Mutanen kudu suna ce wa kayan okirika, da sunan wani gari na bakin teku a Jihar Ribas.

Ya kamata mai shiga sana'ar ya san abu ɗaya game da doka. Tun cikin shekarun 1970 Gwamnatin Nijeriya ta haramta shigowa da tsofaffin tufafi, suna kuwa cikin jerin kayan da Hukumar Kwastan ta hana. Don haka yawancin dilolin a Kwatano da Lome ake sauke su, sa'an nan su biyo ta kan iyaka, waɗansu ta kudu, waɗansu ta ƙasar Nijar. Shi ya sa kuɗin dila ba ya zama wuri ɗaya. Da aka rufe iyakokin ƙasa daga watan Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020 kaya sun yi tsada, haka kuma da darajar Naira ta faɗi bayan watan Yuni na 2023. Ƙaramin ɗan kasuwa na Kabo ba shi da abin da zai kai shi bakin iyaka. Iyakarsa Kano, ya hau mota ya bi ta Rimin Gado ya sauka birni, ya yi sayayyarsa a kasuwa a fili kamar kowa.

A Ƙofar Wambai hanya biyu ce a gabansa. Ko dai ya sayi dila sukutum a ɗaure, ko kuwa ya tsaya inda wani ya kwance tasa ya yi zaɓe, ɗaya bayan ɗaya. Dila a ɗaure ta fi araha in an raba kuɗinta bisa yawan rigunan, amma ba a ganin cikinta, kuma in an yanke tamau ba mayarwa. Takardar da ke jikinta tana iya cewa kaya masu daraja ta fari ne, amma daraja ta fari ta wannan kamfani ba ita ce ta wancan ba. Akwai kuma dilar da aka kwance a hanya, aka tsince na kirki, aka cika da na banza aka sake ɗaurewa. Akan gane irin wannan da tamau iri biyu a jiki ɗaya, ko buhun da aka ɗinke da hannu, ko kusurwoyin da suka saki maimakon su tsaya cak kamar yadda inji ke matse su. Wanda zai sayi dila lalle ya sa a ɗora ta a kan ma'auni a gabansa.

Zaɓe kuwa ya fi tsada a kowace riga, gama mai dila ya san na farkon zaɓe su ne za su mayar masa da uwar kuɗinsa. Sai an yi sammako, domin wanda ya zo bayan hantsi saura zai tarar. Duk da haka, a ganinmu, wanda jarinsa bai taka kara ya karya ba, kuma ta waya kaɗai yake sayarwa, zaɓe ya fi masa. Dalilin zai fito sarai cikin lissafin da ke tafe.

Tantancewa A Kan Tabarma

A ce wani malamin makaranta a Kabo ya sayo dilar rigunan maza masu kwala, mai kilo 45, ya kwance ya ƙirga ya sami riga 200. Kada ya yi aikin tantancewa da dare a hasken fitila, gama tabon mai da kodewar launi ba su fitowa sai da rana. A shimfiɗa tabarma a tsakar gida da hantsi, a ɗauki kowace riga ita kaɗai.

Wurin da za a fara dubawa shi ne cikin kwala, inda wuyan mai ita na fari ya goga. In zaren wurin ya fara tashi ko ya yi wani duhu da wanki ba ya fitarwa, rigar ta tsufa ko da sauran jikinta yana sheƙi. Daga nan sai hammata, don tabon gumi mai rawaya, sa'an nan bakin hannu da gwiwar hannu. A ƙirga maɓallai, a duba ko duk iri ɗaya ne. A ja ɗinkin gefe da na kafaɗa a hankali, a ga ko zai buɗe baki. Bayan wannan sai a ɗaga rigar a sa ta tsakanin ido da rana, domin ƙananan huji irin na asu ko na tartsatsin taba nan suke bayyana kamar taurari. A ƙarshe a naɗe ta yadda kafaɗa za ta zo kusa da gindin rigar, a gwada launin wuraren biyu, don sau da yawa kafaɗa takan kode ta bar ƙasa.

Tabo kuma iri iri ne, ya kamata a san wanda ke fita da wanda ba ya fita. Dauɗa da ƙura da yawancin tabon abinci suna fita da sabulu. Tabon tsatsa da na tawada suna da taurin kai. Wanda bilic ya ci kuwa ba tabo ba ne ma, launin ne ya tafi, ba kuwa zai komo ba har abada. Saboda haka ba a yanke wa riga daraja sai bayan an wanke ta an goge. Wankin nan dole ne ko don warin maganin da akan fesa wa dila, wanda kowa ya sani da warin gwanjo, a kuma shanya a rana sosai don lafiyar fatar wanda zai sa.

Da an gama sai a kasa rigunan kashi huɗu. Lamba ɗaya ita ce wadda ba a sami komai a jikinta ba, wani lokaci ma da takardar kantinta a rataye. Lamba biyu lafiyayyiya ce mai kyaun gani, amma da ɗan abin faɗa guda, kamar maɓallin da aka sake ko ɗigon tabo a wurin da wando ke rufewa. Lamba uku aibinta a fili yake, ana iya sa ta a gona ko wurin aiki. Na huɗu tsumma ne, sai masu gyaran mota da masu goge-goge. Ƙa'idar da za ta tsare mutum a nan ita ce, duk rigar da ya tsaya yana shakka ko ɗaya ce ko biyu, to, biyu ce.

Lissafin Dila Ɗaya

Kuɗaɗen da za mu ambata misali ne kawai don a ga yadda lissafin ke tafiya, gama na kasuwa suna sakewa daga wata zuwa wata. A ce malamin nan ya sayi dilar Naira 280,000. Kuɗin mota da dako daga Kano zuwa Kabo Naira 8,000. Cikin riga 200 ya sami 40 lamba ɗaya, 80 lamba biyu, 50 lamba uku, 30 tsumma. Ya ba da 170 wanki da guga a Naira 100 kowace, watau 17,000. Leda da data da sauran ƙananan abubuwa 15,000. Jimlar abin da ya kashe Naira 320,000 ke nan.

Kuskuren sabon shiga shi ne ya raba 320,000 gida 200, ya ce kowace riga ta tsaya masa 1,600, in ya sayar 2,000 ya ci riba. Wannan lissafin dokin rano ne. Tsumma 30 ba wanda zai saye su 2,000, lamba uku ma haka, lamba ɗaya kuwa za a wawashe su a yini guda a kan kuɗin da bai kai rabin darajarsu ba, a bar shi da tarin da ba ya motsi. Abin da ya dace shi ne kowane kashi ya ɗauki nasa nauyin. In ya sa lamba ɗaya a 4,500, guda 40 za su kawo 180,000. Lamba biyu a 2,200, guda 80 za su kawo 176,000. Lamba uku a 700 su kawo 35,000, tsumma a 100 su kawo 3,000. Duka 394,000, ribar 74,000 ke nan in komai ya ƙare.

To, amma komai ba ya ƙarewa. Cikin lamba biyu za a sami kamar 15 masu girman da ya wuce na mutanenmu ko launin da ba a so, sai an karya kuɗinsu zuwa 1,200 kafin su tafi, nan 15,000 ta zube, riba ta koma 59,000. Kuma a lura, lamba uku da tsumma ba kayan waya ba ne sam. Ba wanda zai biya kuɗin aike da ya fi kuɗin rigar. Waɗannan 80 ɗin sai a kai su kasuwar Getso ko ta Gwarzo a baza, ko a sallama wa ɗan koli a dunƙule. Mai aikin ofis ko na aji, wanda ba shi da ranar zaman kasuwa, ya yi wa kansa wannan tambaya tun kafin ya sayi dila. Da ya yi zaɓen riga 30 a Ƙofar Wambai a kan 2,800 kowace ya sayar 4,500, da jimlar ribarsa ta fi ƙanƙanta, amma duk abin da ya sayo na waya ne, kuɗinsa kuma ba su kwanta ba.

Yanzu a duba wurin da ya fi hatsari. A ce dilar ba ta yi kyau ba, lamba ɗaya 25 kaɗai ta bayar, sauran 15 ɗin suka faɗa lamba biyu. Tsakanin darajar biyu akwai Naira 2,300, watau 34,500 ta tafi, fiye da rabin ribar. A nan ne zuciya kan raya wa mutum ya ɗaga rigunan nan 15 zuwa lamba ɗaya, ya ɗauki hotonsu ta gefen da tabo ba ya fitowa. Kowace riga za ta ƙara masa 2,300. Amma in mai saye a Kaduna ya buɗe leda ya ga tabon, ɗayan abu biyu zai faru. Ko ya dawo da ita, mai sayarwa ya biya kuɗin mota zuwa da komowa, wanda yana iya cinye 2,300 ɗin har da ƙari. Ko kuwa ya yi shiru ya daina saye, ya kuma sa hoton tabon a zauren WhatsApp na ofishinsu, inda sauran masu sayen suke. A kasuwa baƙo kan wuce ba a sake ganinsa. A waya kuwa mutum ɗari biyu ko uku ɗin da ke kallon Status ɗinka su ne kasuwarka duka, yawancinsu kuma sun san juna.

Yadda Ake Faɗin Aibi

Malamanmu ba su bar wannan magana ba. A fiƙihun Malikiyya, kamar yadda yake a babin ciniki na Risala ta Ibn Abi Zaid, ba ya halatta a ɓoye aibin kaya, wanda kuma ya sami aibin da aka ɓoye masa yana da ikon mayarwa. Dokar kare masu saye ta Tarayya, wadda aka sa wa hannu a 2019, ita ma ta hana bayanin kaya mai ruɗarwa. Amma abin da ya fi damun mai sana'a shi ne yadda zai faɗa har a fahimta, domin akwai faɗin da bai fi ɓoyewa ba. Wanda ya rubuta "akwai ɗan aibi kaɗan" bai gaya wa kowa komai ba. Bayanin aibi sai ya amsa tambaya huɗu: mene ne, a ina yake, yaya girmansa, kuma ana ganinsa in an sa rigar ko ba a gani?

Ga yadda bayani mai kyau zai kasance: "Riga mai lamba 47, shuɗiya mai dogon hannu, auduga. Gwanjo ce, lamba biyu. Hammata zuwa hammata inci 22, tsawo daga kafaɗa inci 30, hannu inci 25. Akwai tabon tawada kamar ƙwayar dawa a ƙasan aljihu, an wanke bai fita ba, ana ganinsa in an matso kusa, yana hoto na uku. Maɓallin ƙasa an sake shi. Naira 2,200, ban da kuɗin aike." Wanda ya karanta wannan ya saya ba shi da abin cewa daga baya, kuma sau da yawa irin wannan rigar ta fi saurin tafiya, gama akwai mutane da yawa da tabon ƙwayar dawa bai dame su ba in an rage musu 2,300.

Awo shi ma yana cikin faɗin gaskiya, ko da yake mutane ba su ɗauke shi haka ba. Harafin da ke jikin kwala, M ko L ko XL, ba abin dogara ba ne, domin L na Amirka ya fi na Koriya girma nesa ba kusa ba, rigar da aka daɗe ana wankewa kuma ta riga ta tsuke. Babban abin da ke sa a dawo da kaya shi ne rashin daidai da jiki. Maganinsa tef ɗin tela. A shimfiɗa riga a ɓalle maɓallanta, a auna daga hammata zuwa hammata. Inci 22 yana nufin kewayen rigar 44 ne, za ta yi wa mai ƙirjin inci 39 ko 40 daidai, don ana bukatar sarari. A ce wa mai saye ya auna rigarsa da ta fi yi masa daidai ta wannan hanya ya gwada, kada ya auna jikinsa.

Hoto kuwa a ɗauke shi a inuwa da safe, a jikin farin bango ko farin zane. Rana tsaka takan wanke launi, hasken ƙwan lantarki kuma yakan mai da fari rawaya. Kada a taɓa hoton da abubuwan ƙawata launi da ke cikin waya. Huɗu sun isa: gaba, baya, takardar kwala, da aibin kansa daga kusa, da yatsa ko ashana a gefensa don a gane girmansa. In wayar ta sake launin rigar, a faɗa a rubuce cewa a ido ta fi haka duhu. Haka kuma sunan babban kamfani da ke jikin riga ba hujja ba ne, don jabu suna shiga dila kamar kowane tufa. Wanda bai iya rarrabewa ba ya ce ga sunan da ke jiki, ya tsaya nan, kada ya rantse.

Akwai wata yaudara da ta yi yawa, wadda ya kamata a ambata, watau a wanke gwanjo mai kyau a sa masa sitaci da leda a kira shi sabo, ko a ce ragowar kanti ne. Lamba ɗaya ma gwanjo ce, sai dai in takardar kantinta tana rataye ba a taɓa cire ta ba.

Littafi Da Aike

Akawu ba ya bukatar a koya masa amfanin rajista. Kowace riga a manna mata lamba, a shigar da ita littafi tare da darajarta da awonta da aibinta da ranar da aka nuna ta. Abin da aka sa a Status yakan ɓace bayan awa 24, littafi kuwa yana nan, shi zai raba gardama in mutum biyu suka ce kowa shi ya riga, shi zai kuma nuna rigar da ta yi mako uku ba a taya ba, wadda ya kamata a rage wa kuɗi. Gwanjo ba shi da na biyu, don haka da an sayar a sanar, kada a karɓi kuɗin mutum biyu a kan riga ɗaya.

Kada a saki kaya saboda hoton rasit ko saƙon da aka turo, gama ana ƙirƙirar na ƙarya. A buɗe asusun banki a ga kuɗin da ido tukuna. Wajen aike, a rubuta sunan mai karɓa da lambar wayarsa a jikin leda, a karɓi lambar direban a tasha a tura masa, a kuma daidaita tun farko wanda zai biya kuɗin mota. Sharaɗin mayarwa ma a faɗe shi kafin a karɓi kuɗi. Wanda ya fi adalci shi ne, in an sami aibin da ba a faɗa ba, mai sayarwa ya karɓi kayansa ya biya kuɗin mota, in kuwa mai saye ne ya sake shawara ko bai auna ba, shi zai biya.

Lokaci kuma yana da nasa hukunci. Rigunan sanyi da suwaita a sayo su cikin Oktoba kafin hunturu ya kama, domin zuwa Disamba kuɗinsu ya hau a Ƙofar Wambai, wanda kuma ya kai ƙarshen Fabrairu da saura sai ya ajiye su wata takwas, cikin buhu mai rufi, nesa da danshin damina da gara. Sababbin kaya a nuna su ƙarshen wata, sa'ad da albashi ya shigo hannun ma'aikata.